Yadda Ake Lissafin Ƙarfin Fawa-Fak Kafin a Haɗa Kwamfuta

Duk wanda ya tashi haɗa kwamfutar tebur da kansa, yakan ɗauki lokaci mai tsawo yana zaɓen furosesa da katin girafik, sai kuɗi sun kusa ƙarewa sannan ya tuna da akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, a jikin kwalinsa kuma ake rubuta PSU. A nan ne ake yin ɗayan kurakurai biyu. Wani zai sayi ƙarami, kwamfutar ta riƙa mutuwa da zarar gem ya ɗauki zafi ko ana tsakiyar fitar da bidiyo. Wani kuma tsoro zai sa ya sayi mai wat 1000 alhali kayansa ba su taɓa cin wat 400 ba, ya binne kuɗin da ya kamata su tafi wajen ƙarin RAM. Dukkan biyun ana kauce musu da lissafi mai sauƙi, wanda takarda da biro sun isa a yi shi.

Domin a ga lissafin a aikace, wannan darasi zai bi haɗi guda ɗaya daga farko zuwa ƙarshe: furosesa Intel Core i5-13600K, katin girafik Nvidia GeForce RTX 4070 Super, sandunan RAM biyu na DDR5, ma'adanar NVMe ɗaya, HDD ɗaya mai inci 3.5, da fankoki biyar. Haɗi ne na matsakaicin ƙarfi, irin wanda mai buga gem ko mai tace bidiyo zai iya nufa.

Abin da lambar jikin kwali ke nufi

Idan aka ce fawa-fak mai wat 750 ne, ana nufin iyakar wutar da zai iya miƙa wa kayan cikin kwamfuta ke nan. Ba ya nufin kullum yana jan wat 750 daga bango. Kayan ciki su ne ke jan abin da suke buƙata, shi kuma yana ba su. Kwamfutar da ke cin wat 80 lokacin da ake rubutu a kanta, wat 80 ɗin za ta ci ko da fawa-fak mai 550 aka sa mata ko mai 1000, sai ɗan bambancin asara da za a yi bayani a gaba. Saboda haka babban fawa-fak ba ya ƙona kayan kwamfuta, ba ya kuma ƙara mata gudu.

Tunda lambar iyaka ce, abin da ake nema shi ne adadin da kwamfutar za ta ci a lokacin da ta fi kowane lokaci wahala, wato sa'ad da furosesa da katin girafik duk suke aiki da cikakken ƙarfi a lokaci guda. Wannan adadi ake fara fitarwa, sannan a ɗora masa rarar kariya.

Mataki na farko: furosesa

Kuskuren da ya fi yawa a wannan lissafi yana faruwa ne a kan furosesa. Shagunan intanet da dama suna rubuta lamba ɗaya kawai, wadda ake kira TDP, mai saye kuma ya ɗauka iyakar cin wutar ke nan. Asalin wannan lamba ma'auni ce ta zafin da na'urar sanyaya furosesa za ta iya kwashewa, kuma furosesoshin zamani suna wuce ta idan aiki ya yi nauyi.

A shafin bayanan Core i5-13600K, kamfanin Intel ya rubuta lambobi biyu. Ta farko ita ce Processor Base Power, wat 125. Ta biyu ita ce Maximum Turbo Power, wat 181. Ta biyun ce ake sawa a lissafi, domin ita ce abin da furosesar za ta ja idan aka ba ta aikin da ya cika dukkan ƙwayoyinta, kamar fitar da bidiyo. Tazarar tana ƙara faɗi a manyan furosesoshi: Core i9-13900K ma wat 125 aka rubuta mata a lamba ta farko, amma ta biyun wat 253 ce, fiye da ninki biyu.

A ɓangaren AMD, iyakar da ake nema sunanta PPT, kuma a furosesoshin Ryzen na tebur yawanci ana samun ta ne ta ninka TDP da 1.35. Ryzen 5 7600 mai TDP na wat 65 tana iya kaiwa wat 88, ita kuma Ryzen 7 7700X mai wat 105 tana kaiwa 142.

Akwai ƙarin abin lura. Wasu madabod suna zuwa da saitin da ya ɗage iyakar Intel gaba ɗaya, furosesa ta ci duk abin da ta ga dama matuƙar zafi bai tsayar da ita ba. Ana duba wannan a cikin BIOS, inda iyakokin ke bayyana da sunan PL1 da PL2. Idan mai haɗin ya bar PL2 a kan 181, lissafinsa zai tsaya daidai. A wannan haɗi, an rubuta wa furosesa wat 181.

Mataki na biyu: katin girafik

A yawancin kwamfutocin gem, katin girafik ne ya fi kowa ci. Lambar da ake nema a nan ita ce ta cin wutar katin gaba ɗaya, da ƙwaƙwalwarsa da fankokinsa. Nvidia na kiran ta Total Graphics Power, AMD kuma Total Board Power. Ga RTX 4070 Super, lambar ita ce wat 220. Don kwatanci, RTX 4060 wat 115 ne, RTX 4080 wat 320, RTX 4090 kuma wat 450.

Kati ɗaya yakan fito daga kamfanoni daban-daban, irin su Asus da MSI da Gigabyte, wasu daga ciki kuma an ɗan ƙara musu gudu tun daga masana'anta, wanda ake gane su da alamar OC a sunansu. Irin waɗannan kan ɗara lambar asali da kaɗan, don haka shafin ainihin katin da za a saya ake dubawa.

A shafin katin za a ga wata lamba kuma, wadda ke ba da shawarar girman fawa-fak. Ga RTX 4070 Super, Nvidia ta ce wat 650. Wannan shawara ce ga kwamfutar gaba ɗaya, bisa wata furosesa da kamfanin ya ɗauka a matsayin misali. Kamfanin bai san wace furosesa mai saye zai haɗa da katin ba, bai kuma san ingancin fawa-fak ɗinsa ba. Amfaninta shi ne a gwada ta da sakamakon lissafi: idan lissafin mutum ya fito ƙasa da ita sosai, ya koma ya duba ko ya manta wani abu.

Mataki na uku: ƙananan kaya

Sauran kayan ba sa cin wuta mai yawa ɗaya-ɗaya, amma idan aka tara su sukan haura wat ɗari. Ba kasafai kamfanoni ke rubuta cin wutar madabod ba, don haka ƙiyasi ake yi, kuma wat 50 ƙiyasi ne mai kyau ga madabod matsakaici, har da asarar da ake yi wajen sauke wuta zuwa ƙaramin bolt ɗin da furosesa ke aiki da shi. Kowace sandar RAM ana ba ta wat 5. Ma'adanar NVMe kan kai wat 8 idan tana rubutu da sauri. HDD mai inci 3.5 yana cin kusan wat 10 a bakin aiki, kodayake a daƙiƙoƙin farko na kunnawa yakan ja har wajen wat 25 kafin faifansa ya ɗauki juyi. Wannan ba damuwa ba ce ga mai HDD ɗaya, domin a lokacin katin girafik bai fara aiki ba, amma wanda zai sa guda shida ko takwas dole ya saka shi a lissafi. Kowace fanka ana ba ta wat 3. Abubuwan da ake sokawa ta USB, kamar kibod da linzami da ma'adanar waje, su ma daga fawa-fak suke sha: kafar USB 2.0 na bayar da wat 2.5, ta USB 3.0 kuma wat 4.5.

Ga yadda jimillar haɗin ta kasance:

Furosesa Core i5-13600K: wat 181
Katin RTX 4070 Super: wat 220
Madabod: wat 50
Sandunan RAM biyu: wat 10
NVMe ɗaya: wat 8
HDD ɗaya: wat 10
Fankoki biyar: wat 15
Kayan USB: wat 15
Jimilla: wat 509, a cike shi zuwa 510

Allon kwamfuta ba ya cikin wannan jeri, domin yana da wayar wutarsa daban. Abin da jerin ya nuna kuma shi ne, furosesa da kati kaɗai sun cinye wat 401, kusan kashi huɗu cikin biyar na jimillar. Idan mutum ya yi kuskuren wat biyu a kan fanka babu abin da zai canja, amma kuskure a kan waɗancan biyun yana canja amsar baki ɗaya. Da an sa 125 a madadin 181, jimillar za ta sauko zuwa 453, mutum ya tafi kasuwa da lambar da ta gaza da wat 56.

Mataki na huɗu: rarar kariya

Ba a sayen fawa-fak mai wat 510 don kwamfutar da ke cin 510. Ana ɗora rara, kuma akwai dalilai uku da suka sa.

Dalili na farko shi ne tsallen wuta. Wat 220 da aka rubuta wa kati matsakaicin ci ne idan aka auna na tsawon lokaci. A cikin ƙiftawar ido, lokacin da hoto mai nauyi ya shigo, katin kan fizgi wuta fiye da haka nesa ba kusa ba, na ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba. Fawa-fak yana da tsarin kariya da ke kashe shi idan ya ga an ja wuta fiye da ƙima, kuma idan dama yana aiki a bakin iyakarsa, tsalle ɗaya ya isa ya taɓo wannan kariya. Matsalar ta fito fili ne bayan fitowar RTX 3080 da RTX 3090 a 2020, lokacin da kwamfutoci da dama suka riƙa mutuwa a tsakiyar gem duk da cewa lissafinsu a takarda ya isa. A 2022 Intel ta fitar da ƙa'idar ATX 3.0, wadda ta wajabta wa fawa-fak da ya haura wat 450 mai sabuwar wayar kati ya jure ninki biyu na ƙarfinsa na tsawon maikurosakan 100, wato kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa. Ke nan mai wat 750 da ke bin wannan ƙa'ida zai shanye tsallen wat 1500 na wannan ɗan lokaci bai mutu ba. ATX 3.1 da ta biyo baya ita ma tana da wannan sharaɗi.

Dalili na biyu shi ne zafi. Kamfanoni masu inganci suna rubuta zafin da suka auna ƙarfin fawa-fak a kansa, galibi digiri 40 ko 50 a ma'aunin Salshiyas. Masu araha sukan auna a digiri 25 ko 30, idan ma sun rubuta. Da zafi ya wuce wanda aka auna a kai, ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa lafiya yana raguwa. A garuruwa irin Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafin watan Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska kuma ba ya nisa da hakan. Ƙurar hunturu ita ma tana toshe ragar da ke ƙasan akwatin kwamfuta, inda fankar fawa-fak ke shaƙar iska. Don haka rarar da ta wadatar a ƙasa mai sanyi tana iya zama ƙanƙanuwa a nan.

Dalili na uku shi ne tsufa. A cikin fawa-fak akwai kafasitoci masu ruwa a ciki, waɗanda ke bushewa a hankali da shekaru. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin zafin digiri 10 yana rage rayuwar irin wannan kafasita da kusan rabi. Na'urar da ke aiki a kashi 95 cikin 100 na ƙarfinta ta fi zafi, ta fi ƙarar fanka, ta kuma fi saurin gajiya a kan wadda ke aiki a kashi 65.

Rarar da ta dace da waɗannan dalilai tana tsakanin kashi 25 zuwa 40 cikin 100, kuma kashi 30 wuri ne mai kyau na farawa:

```
510 × 1.3 = 663
```

Kasuwa ba ta da fawa-fak mai wat 663. Girman da aka fi samu su ne 550, 650, 750 da 850, don haka sai a gwada na kusa. Idan aka raba 510 da 650, za a ga na'urar za ta yi aiki a kashi 78 cikin 100 na ƙarfinta a lokacin mafi nauyi. Da 750, kashi 68 ne. Da 850, kashi 60.

Mai wat 650 mai inganci, mai bin ATX 3.0, zai riƙe wannan haɗi, kuma ya yi daidai da shawarar Nvidia. Sai dai rararsa kashi 27 ce kacal, babu wurin ƙara komai. Ga kwamfutar da za ta zauna a ɗaki mai zafi, ko wadda za a riƙa barin ta tana fitar da bidiyo na sa'o'i, 750 shi ne zaɓin da ya dace. Mai 850 ba shi da dalili sai idan akwai tabbatacciyar niyyar sauya kati. Misali, idan za a koma RTX 4080, jimillar za ta tashi zuwa 610, da rara ta zama 793, a nan 850 ya zama wajibi. A ɗaya gefen kuma, da haɗin Ryzen 5 7600 ne da RTX 4060, jimillar wat 311 ce, da rara 404, wanda mai wat 450 ko 550 ya ishe shi har da saura.

Layin 12V: inda gaskiyar take

Samun lamba 750 bai gama aikin ba, domin ba duk abin da aka rubuta wa 750 ne ke bayar da 750 a inda ake buƙata ba. Fawa-fak yana fitar da wuta a layuka daban-daban, manyansu su ne +3.3V da +5V da +12V. Furosesa da katin girafik da fankoki duk daga layin +12V suke sha. A gefen kowane fawa-fak akwai takardar da aka manna mai ɗauke da jadawali, a ƙarƙashin kowane layi an rubuta yawan amfiyar da yake iya bayarwa. Ana ninka bolt da amfiya a samu wat:

```
W = V × A
12 × 62 = 744
```

Fawa-fak na kirki mai wat 750 zai nuna amfiya 62 ko kusa da haka a kan +12V, wato kusan dukkan ƙarfinsa yana samuwa a wannan layi. A haɗin da ake magana a kai, furosesa da kati da fankoki da wani ɓangare na madabod da HDD suna jan kusan wat 450 daga +12V. Idan aka ɗora rarar kashi 30 ya zama 585, a raba da 12, a samu kusan amfiya 49. Duk fawa-fak ɗin da layinsa na +12V bai kai amfiya 49 ba, bai dace da wannan haɗi ba, komai girman lambar da ke kan kwalinsa.

A ɗauka mutum ya ga wani mai araha an rubuta masa 600W da manyan haruffa, amma a jadawalin an sa 30A a ƙarƙashin +12V. Wat 360 ke nan kawai, bai ma kai 401 da furosesa da kati ke buƙata ba. Ragowar lambar an cike ta ne da layukan +5V da +3.3V, waɗanda kwamfutar zamani ba ta jan abin kirki daga gare su. Wani lokaci kuma lambar da aka rubuta ta ɗan lokaci ce, wadda ake sa wa kalmar Peak, alhali wadda ake buƙata ita ce mai kalmar Continuous, wato ƙarfin da na'urar za ta riƙe ba tsayawa. Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma a fawa-fak abin ya wuce ado: idan marar tsarin kariya ya ƙone, yana iya tafiya da madabod da kati.

Wayoyi ma suna da iyakarsu. Ramin da ake soka kati a madabod yana bayar da wat 75, waya mai fil 6 wat 75, mai fil 8 wat 150, sabuwar mai fil 16 kuma, wadda ake kira 12VHPWR ko 12V-2x6, tana kaiwa wat 600. RTX 4070 Super yakan zo da kafar fil 16 da adafta mai karɓar wayoyi biyu masu fil 8. Idan da adafta za a yi amfani, ya fi kyau a jawo wayoyi biyu daban-daban daga fawa-fak maimakon waya ɗaya mai kai biyu. Kan fil 16 kuma a tura shi har ya zauna daram ba tare da wata tazara ba, domin rashin zamansa sosai yana sa ya yi zafi har ya narke.

Alamar 80 PLUS da wutar bango

Tambarin 80 PLUS, da matakansa irin su Bronze da Gold, bai shafi yawan wat ɗin da na'ura ke bayarwa ba. Mai wat 750 Bronze da mai wat 750 Gold duk 750 suke bayarwa. Abin da tambarin ke aunawa shi ne yawan wutar da ke salwanta ta zama zafi a lokacin juya wutar bango zuwa wadda kwamfuta ke aiki da ita. Saboda haka ba a raba jimillar lissafi da wannan kaso wajen zaɓen girma. Masu yin haka suna ƙara rara a kan rara ba su sani ba.

Inda kason ke da amfani shi ne wajen sanin abin da za a ja daga bango. Na'urar da ke miƙa kashi 90 cikin 100, idan kwamfuta na cin 510, za ta ja 510 a raba da 0.9, wato wat 567, ragowar 57 su zama zafi. Mai kashi 80 za ta ja wat 638, zafinta kuma ya kai 128, fiye da ninki biyu.

Wannan lamba ta bango ita ce ake buƙata wajen zaɓen UPS ko inbata ko janareto, abin da mai kwamfuta a Najeriya ko Nijar ba zai kauce masa ba. A ƙara wat 40 na allo a kan 567, a samu kusan 607. Ana rubuta girman UPS ne da VA, wanda ba daidai yake da wat ba. Ƙananan UPS da yawa masu 1000VA wat 600 kawai suke ɗauka, masu 1500VA kuma wat 900. Ga wannan haɗi, na farkon yana bakin iyaka, zai iya yin ƙara ya kashe kansa idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki mai nauyi. Na biyun ne ya dace. Haka kuma fawa-fak na zamani mai Active PFC ya fi zama lafiya da UPS ko inbata mai alamar Pure Sine Wave, domin wasunsu kan mutu a daidai lokacin da UPS mai araha ya koma kan batir. Rarar wat ba ta maganin wutar nefa mai hawa da sauka. Abin da ke taimakawa a nan shi ne fawa-fak da aka rubuta masa 100-240V, wanda ke jure wuta mai rauni, tare da UPS ko sitabilaiza.

Yadda ake tabbatarwa bayan an haɗa

Lissafi ƙiyasi ne, aunawa ce ke tabbatar da shi. Manhajar HWiNFO64 tana nuna CPU Package Power da GPU Power, tana kuma ajiye lamba mafi girma da kowanne ya kai. Sai a kunna gwajin Power na manhajar OCCT, wanda ke matsa wa furosesa da kati lokaci guda, a bar shi na minti 20 zuwa 30 ana lura da zafi. Masu katin Nvidia suna iya ganin cin wutarsa kowace daƙiƙa da wannan umarni:

```
nvidia-smi --query-gpu=power.draw,power.limit --format=csv -l 1
```

Idan lambobin sun tsaya kusa da 181 da 220, lissafin ya yi daidai. A gem na yau da kullum za a ga furosesar ba ta kusantar 181, domin gem ba ya cika dukkan ƙwayoyinta, don haka kwamfutar za ta riƙa cin abin da bai kai 510 ba. Waɗannan manhajoji ba sa iya kama tsallen wuta, saboda ya fi ƙarfin saurin aunawarsu, shi ya sa ba a rage rara don kawai lambobin allo sun nuna sauƙi.

Fawa-fak da ya gaza yana da alamarsa. Kwamfutar takan mutu ɗif a lokacin aiki mai nauyi, ba shuɗin allo, ba saƙon kuskure, kamar an zare waya daga soket. Wani lokaci ta sake kunna kanta, wani lokaci kuma ta ƙi tashi sai an kashe makunnin bayan fawa-fak an jira an sake kunnawa, alamar tsarin kariyarsa ne ya kulle. A Event Viewer na Windows za a ga Kernel-Power 41, amma wannan yana nufin kwamfutar ta mutu ba bisa tsari ba ne kawai, ɗaukewar wutar nefa ma tana haifar da shi.

Don a raba wannan da matsalar zafi ko ta RAM, akwai gwaji mai sauƙi. A buɗe MSI Afterburner, a sauke Power Limit na kati zuwa kashi 70 cikin 100, wanda ga wannan kati ya zama wat 154, sannan a maimaita aikin da ke kashe kwamfutar. Idan mutuwar ta daina, kuma dama zafin furosesa da na kati bai kai iyaka ba, to zargi ya koma kan fawa-fak ko wayoyin da ke kai wa kati wuta. Idan ba ta daina ba, sai a duba RAM da direbobi da wutar bango kafin a kashe kuɗi. HWiNFO64 kuma tana nuna bolt ɗin layin +12V, wanda bisa ƙa'idar da aka daɗe ana bi ya kamata ya zauna tsakanin 11.4 da 12.6. Ma'aunin madabod ba cikakke ba ne, amma idan lambar tana faɗuwa ƙasa da haka duk lokacin da aiki ya yi nauyi, alama ce da ba a yin watsi da ita.

Idan ya tabbata sai an sauya na'urar, abubuwa biyu ne ake kiyayewa. Ba a amfani da wayoyin tsohon fawa-fak mai ciruwar waya a jikin sabo, ko da kan ya shiga, domin tsarin fil-fil ɗin ɓangaren fawa-fak ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri, kuma waya ɗaya da ba ta dace ba tana iya tura bolt 12 inda ake jiran 5, ta ƙona ma'adana nan take. Ba a kuma kwance murfin tsohon don leƙawa, saboda manyan kafasitocinsa suna riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi daga bango.

Kammalawa

Ga haɗin Core i5-13600K da RTX 4070 Super, abin da mai saye zai rubuta a takardarsa kafin ya shiga kasuwa shi ne: fawa-fak mai wat 750, wanda layinsa na +12V ya kai amfiya 60 ko fiye, mai bin ATX 3.0 ko ATX 3.1, wanda aka auna ƙarfinsa a digiri 40 ko 50, mai karɓar 100-240V, daga kamfanin da ke bayar da garanti a rubuce. Ga kowane haɗi daban, hanyar ɗaya ce: a ɗauki lambar furosesa ta sama, a ƙara cikakken cin katin girafik, a ƙara kimanin wat ɗari na ƙananan kaya, a ninka da 1.3, a hau zuwa girman da ke gaba, sannan a juya na'urar a karanta jadawalin gefenta kafin a biya kuɗi.